Rijiyar da Lirwanu Bai Ɗaure Ba

Lirwanu mutumin wani ƙauye ne a gefen Dandin Mahe, kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake shiga rami. Wannan tun Nasara bai zo ba ne, lokacin da in mutum ya ce zai tafi birni to Sakkwato yake nufi, kuma a ƙasa zai je ko a kan jaki. Haƙar rijiya ya gada. Ba shi da ƙarfin da za a yi labari, ba shi da baki, amma Allah ya ba shi hannu. In aka ɗebo ƙasa daga ƙasan rami aka zuba masa a tafi, ya murza, ya shinshina, zai gaya maka ko bangon zai tsaya da kansa ko sai an tallafe shi. Tsoho Maniru, wanda shi ne Sarkin Haƙa na yankin nan daga Boɗinga har Shagari, yakan miƙa masa ƙasar bayan shi ya taɓa, ya ji abin da zai ce. Sau da yawa bakinsu yakan zo ɗaya.

Mahaƙan Maniru kashi biyu ne. Akwai na ƙasa, masu shiga da dagi suna sara suna cika kwando, babbansu Sodangi. Akwai na sama, masu jan igiya, su ne kuma masu ɗauri, wato in an kai ƙasa mai zubewa su sassaƙo itacen ƙirya su jera shi a jikin bangon rijiya don ya riƙe ta. Babban waɗannan Na'Allah ne, wan Kulu matar Lirwanu. Shi Sarkin Haƙa ba ya sara, ba ya ja. Aikinsa na gaske guda ɗaya ne: duk sanda ƙasa ta sauya kama, na ƙasa zai aiko da ita a ɗan ƙoƙo, Sarki ya taɓa, ya ce a ci gaba ko ya ce a ɗaure. Abin da ya faɗa shi ke nan.

Sodangi da Na'Allah kuwa ba sa ga maciji da juna. Asalin abin, wata shekara a Boɗinga dutse ya suɓuce daga kwando ana cikin ja, ya faɗa ya tsinke wa Sodangi rabin kunne. Na'Allah ya ce cika kwandon aka yi fiye da kima. Sodangi ya ce fizgar igiyar aka yi. Shekara shida ana wannan magana, kunnen dai bai dawo ba. A al'adarsu, mai shiga rami yakan ɗaga kai ya ce wa mai igiya, "Raina na hannunka," shi kuma ya amsa, "Amana." Tun daga ranar kunnen su biyun suka daina. Sodangi ya kama igiya ya sauka bakinsa a rufe, Na'Allah ya sassauta masa yana kallon wani wuri. Maniru yana da rai ba wanda ya isa ya wuce nan, don tsawa ɗaya yake yi kowa ya shiga taitayinsa.

Da Maniru ya rasu, mai gari ya duba ya ga in ya ba Sodangi, Na'Allah zai tattara mutanensa ya tafi, in ya ba Na'Allah, Sodangi zai rataya daginsa. Sai ya kira Lirwanu, wanda dukansu sun girme shi, ya ɗora masa. Ya ce masa abu ɗaya yake so, kada mutanen nan biyu su rabu a hannunsa, don rijiya ba ta haƙuwa da ɗaya. Mutane suka yi ta zuwa taya murna. Lirwanu kuwa ya koma gida jikinsa a sanyaye, don tun a ƙofar mai gari ya ji Sodangi yana cewa, ba da ƙarfi ba amma yadda za a ji, "To, sarauta ta shiga gidan surukai."

Maganar nan ta zauna masa a rai, ita ce ta juya duk abin da ya yi daga baya. Ya rantse wa kansa ba za a taɓa kama shi da son kai ba. Gaskiya kuma ya yi ƙoƙari, har abin ya ba mutane tausayi. Ya daina ce wa Na'Allah Yaya a wurin aiki, ya koma Malam Na'Allah da Malam Sodangi, sunan da ya fara kira yau gobe shi zai kira a ƙarshe. Ya daina cin tuwon gidan Na'Allah, abin da shekara da shekaru yake yi duk Juma'a. In goro ya samu, a gabansu yake ɓara shi. Kulu ta ga abin ya yi yawa, ta tambaye shi ko sarautar rami ce za ta sa ya yanke zumunci. Ya ce mata ta yi haƙuri, na ɗan lokaci ne, har abubuwa su daidaita.

Aikinsa na farko ya zo da rani. Wata 'yar unguwa ce ta manoma da masu shanu a yammacin Kajiji, tafkinsu ya ƙafe, mata suna fita da sassafe neman ruwa ba sa dawowa sai rana ta take. Suka haɗa kai suka kira mahaƙa, suka ɗauki nauyin ciyar da su. Kafin a sa dagi a ƙasa, Lirwanu ya ce sai ya gyara tsakanin manyansa. Ya kira Sodangi shi kaɗai gindin wata tsamiya ya saurare shi tun daga kan kunne har zuwa ranar da Na'Allah ya ƙi amsa masa gaisuwar Sallah. Bai katse shi ba, bai ce masa ya yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba. Washegari ya kira Na'Allah gindin wannan tsamiyar dai, a wannan lokacin, ya ji nasa. Sannan ya roƙi limamin unguwar, Malam Husaini, ya zauna da su su uku. Aka yi nasiha, aka ce abin da ya wuce ya wuce, aka shafa fatiha, suka yi musafaha da yatsu biyu-biyu. Lirwanu ya nemi alfarma guda, su koma faɗin kalmar bakin rami. Suka koma, amma yadda suke faɗarta gara ma shirun.

Aka fara. Jar ƙasa ta wuce, aka shiga marmara, nan aiki ya yi tauri, dagi yana tashin wuta. Kuma kullum sai an kawo masa ƙara. Sodangi ya ce igiyar ta tsufa, ba zai rataya ransa a kanta ba. Lirwanu ya duba ya ga gaskiya ne, ya sa aka tuƙa sabuwa. Na'Allah ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure. Sai Na'Allah ya ce mutanen Sodangi, in sun fito hutu suna taya zubar da ƙasa, kusa da baki suke tara ta don lalaci, nauyinta zai danne bakin rijiyar. Wannan ma gaskiya ne, Lirwanu ya sa aka kwashe. Bayan kwana uku Na'Allah ya sake cewa na ƙasa suna cika kwando har yana tozo. Lirwanu ya leƙa ya ga tozon da idonsa, ya hana. Ai kuwa ya taɓo tsohon miki. Sodangi ya fito daga rami ya tsaya yana karkaɗe jiki, ya ce wa mutanensa, "Biyu ke nan. Ku riƙa ƙirga, ni ba ni cewa komi."

Su ba su ƙirga ba, Lirwanu ne ya ƙirga, kuma nan ne ya fara ɓata. Mutumin da aka sa don ya duba igiya da kwando da ƙasa ya koma duba wa ya samu nawa. Yana alwala yana lissafi, Na'Allah biyu, Sodangi ɗaya. Ya shiga addu'a Allah ya kawo wata ƙarar da Sodangi zai zama shi ne da gaskiya, ko da ƙarama ce, a yi kunnen doki ya huta. Ƙarar ba ta zo ba. Abin da ya zo ƙoƙon ƙasa ne.

Ranar Laraba ce da hantsi, rijiya ta kai zurfin gaba tara, wato tsawon hannu biyu a buɗe sau tara. An wuce marmara, an wuce laka mai ƙarfi, sai Sodangi ya girgiza igiya ya aiko da ƙoƙo. Rairayi ne fari, mai sanyi, da danshi a jikinsa. Matan da suka kawo fura suka gani suka fara guɗa, don kowa ya san danshi alamar ruwa ne. Aka jawo Sodangi ya fito fuskarsa kamar ango. Ya ce ruwa bai fi gaba ɗaya da rabi ba, a bar shi kwana huɗu zai shayar da unguwar nan. Na'Allah ya ɗebi rairayin ya watsar, ya ce wannan ba a wuce shi sai da itace, a tsaya. Tsayawa kuwa na nufin kwana takwas ko goma, a je daji a saro ƙirya, a sassaƙa, Na'Allah da mutanensa su shiga ramin su jera, Sodangi yana zaune a inuwa. Kuma in an gama, mutane za su ce ɗaurin Na'Allah ne ya kawo ruwa. Sodangi ya san haka, Na'Allah ma ya sani.

Aka miƙa wa Lirwanu ƙoƙon. Ya dunƙule rairayin a hannunsa ya buɗe. Rairayin ya tsaya a dunƙule. Ya taɓa shi da ɗan yatsa, ya wargaje. Bai buƙaci shinshinawa ba. Ya san irin wannan ƙasar, danshi ne kawai ke riƙe da ita, da zarar iska ta sha ta za ta fara zubowa daga ƙarƙashin lakar, ta bar laka a rataye ba abin da ke tallafe da ita. Da Maniru ne, kafin ƙoƙon ya gama isowa hannunsa ya ce a ɗaure. Kalmar tana bakin Lirwanu, har ya buɗe baki. Sai ya ga idon Sodangi a kansa, ya ga rabin kunnen nan, ya ji lissafinsa yana cewa uku da ɗaya. Ya hango Sodangi yana saɓa dagi yana kama hanyar Shagari da mutanensa, ya hango kansa a gaban mai gari yana bayanin yadda aikin farko ya watse a hannunsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, kuma ba na rami ba.

Ya ce kowannensu yana da gaskiya. Ya ce Malam Sodangi ya nemi kwana huɗu, Malam Na'Allah bai yarda da ko ɗaya ba, to za a raba. Sodangi zai yi haƙa yau da gobe, in ruwa ya fito falillahil hamdu, in bai fito ba ranar Juma'a a tsaya a ɗaure. Mutanen Na'Allah kuma rabinsu su tafi saran itace tun yanzu don kada a ɓata lokaci. Dattawan unguwa suka gyaɗa kai, suka ce yaron nan akwai adalci, Allah ya yi masa albarka. Ko Sodangi sai da ya yi murmushi, karo na farko tun naɗin.

Na'Allah ya bi shi bayan tsamiya da azahar, inda ba mai ji. Bai kira shi Sarki ba.

"Lirwanu, ka taɓa ƙasag ga. Ni na ga hannunka sanda kat taɓa ta."

"Kwana biyu na, Malam Na'Allah. Tana riƙewa kwana biyu."

"Wa yac ce maka? Ita ƙasa ka yi alkawali da ita?"

Lirwanu ya ce ya riga ya yanke a gaban jama'a, in ya janye yanzu bayan an gan su tare a bayan itace, me za a ce. Na'Allah ya juya ya koma bakin igiyarsa.

Laraba ta wuce lafiya. Lirwanu ya yi ta zagaya bakin ramin yana leƙawa, yana gaya wa kansa hannu ma yakan yi kuskure. Alhamis da safe ya ga rairayin da ke fitowa a kwando ya fi abin da mutum ɗaya zai sara yawa, kuma rabinsa busasshe ne. Ya san daga ina busasshen yake zubowa. Ya leƙa ya kira Sodangi ya tambaye shi yaya bango. Sodangi ya amsa daga ƙasa cewa bango lafiya lau, ƙafarsa ma har ta fara jiƙewa, kada a dame shi. Lirwanu ya miƙe. Saura rabin yini alkawarinsa ya cika, ya ce a ransa, rabin yini kawai, daga nan ba mai cewa ya tauye wani.

Ba a kai la'asar ba. Ba wata ƙara mai yawa aka ji ba, wani dum ne daga ƙasa, sai ƙura ta taso ta bakin rijiyar, igiya ta saki a hannun masu ja. Lakar da rairayi ya zube daga ƙarƙashinta ta ɓalle gefe guda ta rufta. Na'Allah ne ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sa aka zura shi cikin ƙurar, sauran bangon yana ta yoyon ƙasa a kansa. Da hannu ya tona. Ya samu Sodangi a binne har ƙirji, wani ɓangaren laka mai girman turmi ya danne masa cinyoyi. Sai da rana ta yi ja aka fito da su su biyun, Na'Allah farcensa duk jini, Sodangi yana numfashi amma ƙafafunsa suna lilo.

Aka kira maɗori daga Shagari, ya yi iya yinsa. Ƙashi ya haɗe a karkace, ƙafa ɗaya kuma ta shanye. Sodangi, wanda yake sauka gaba goma da igiya ba ya haki, ya koma jan gindi daga ɗaki zuwa zaure. Rijiyar kuwa ba wanda ya yarda ya sake shiga. Itacen da aka saro yana nan a jibge a gefenta har gara ta gaji da shi ta bar shi. Kafin damina masu shanu suka kora dabbobinsu suka yi gaba, manoman suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Lirwanu ya yi wata guda bai iya zuwa gaishe da Sodangi ba. Ranar da ya daure ya je, da hantsi, ya tarar da Na'Allah a zauren yana gyara wa mara lafiyar shimfiɗa. Ashe kullum yana zuwa, shi ke ɗaukarsa a baya ya kai shi masallaci ranar Juma'a. Sulhun da aka nema da liman da goro ga shi nan ya samu. Na'Allah ya ga mai shigowa, ya tashi ya fita. Lirwanu ya durƙusa ya yi gaisuwa, Sodangi ya amsa ba fushi a muryarsa, wannan kuma ya fi zagi ciwo.

"Sarki, abu guda ni ka son in tambaye ka. Ran da niy aiko maka da ƙoƙo, ka taɓa?"

"Na taɓa."

"Mi tac ce maka?"

"Ɗauri."

"Tun ran nan ka sani?"

"Na sani."

Sodangi ya dubi ƙafarsa. Sannan ya ce shi bai sani ba. Ya ce shi mai sara ne, bai taɓa iya karanta ƙasa ba, shi ya sa ake aiko ta sama. Da ya ji Sarki ya ba shi kwana biyu, ya ɗauka hannun Sarki ne ya ce tana da kwana biyu, ya shiga da zuciya ɗaya. Ya tambayi abin da ya hana shi faɗa.

"Tsoro niy ji kak ka ce na bi surukina."

"Da na ce mana," in ji Sodangi. "Da na zage ka, in zagi surukinka, in saɓa dagina in tahi gida bisa ƙahwahuna."

Lirwanu ya zauna har aka kira azahar, ya tashi ya tafi.

Mai gari bai tuɓe shi ba, shi ne ya je ya ajiye. Aka ba Na'Allah, kuma ba wanda ya yi gardama. Mutane da yawa sun gaya wa Lirwanu ƙaddara ce, ya yi adalci iyakar iyawarsa, dattawan da suka sa masa albarka a ranar ma haka suka ci gaba da faɗa. Yakan ce musu haka ne, don ba ya son doguwar magana. Kulu ba ta bar shi ba, ba ta kuma taɓa tayar masa da zancen ba, amma ita kaɗai take zuwa gidan wanta. Shi bai sake cin tuwon Juma'ar nan ba, kuma ba a sake kiransa ba.

Ya yi sauran shekarunsa, kusan ashirin da biyar, yana tuƙa igiyar rama yana kaiwa kasuwar Shagari. Igiyarsa tana da kyau, mahaƙa ma ita suke nema, amma sukan aiko wani ya saya musu. Duk kaka yakan auna gero a dami ya aika gidan Sodangi, a karɓa a ce an gode. Ya tsufa da wuri, ya zama mai yawan shiru, irin tsofaffin da ake mantawa suna zaune a wuri.

Sau ɗaya, yana da furfura, wasu mutane da ke haƙa a wajen Boɗinga suka yi saɓani a kan ƙasa, wani a cikinsu ya tuna da shi. Suka zo har rumfarsa a kasuwa da ƙoƙo a rufe da faifai, mutum biyu, kowanne yana cika yana batsewa, kowanne yana son ya fara bayani. Lirwanu bai bari sun fara ba, bai ma tambayi sunayensu ba. Ya sa hannu ya dunƙule, ya buɗe, ya ce, "A ɗaure." Ɗayan ya ɓata rai, ya ce dama an ce tsohon nan ya san kakan abokin gardamarsa, ya yi tsaki ya juya. Lirwanu ya bi shi da kallo yana tafiya da sauri tsakanin masu albasa, ƙafafunsa biyu suna tayar da ƙasa, har ya ɓace. Sannan ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa, amma ranar bai iya ƙarasa tuƙar ba.